Ruwan da Ya Ci Ƙarfen Mati

A Tudun Ɗangana, wani ƙauye da ke zaune kan duwatsu a karkarar Ibohamane, cikin ƙasar Adar, in ka ce kana neman Mati za a tambaye ka wanne, don Mati ba ɗaya ba ne. In ka ce Mati Galba, ko mai tallan fura za ta nuna maka gidan da haɓa.

Galba tiyon ƙarfe ne da aka yi wa wanka da tutiya don kada tsatsa ta kama shi da wuri. Sunan ya bi Mati ne saboda son da yake yi masa. Ba kuwa abin mamaki ba ne, don ɗan maƙera ne gaba da baya. Kakanninsa sun narka tama a gindin waɗannan duwatsu tun ba a san ƙarfen mota ba. Shi ma da zuga-zugi ya buɗe ido, ƙarar masaba ce ta yi masa reno. A gidansu akwai dokar da ba a koya wa yaro da baki, sai dai ya tashi ya tarar da ita: maƙeri ba ya aibata ƙarfe a bainar jama'a. In lauje ya karye, laifin hannu ne. In gatari ya dakushe, laifin itace ne. Ƙarfe shi ne uba, ba a tona masa asiri a kasuwa.

Da ayyukan raya ƙasa suka zo Keita, lokacin da mata ke jera duwatsu a kan tuddai don tare ruwan sama, Mati yana saurayi ya bi masu kafa famfo yana ɗaukar musu kaya. Nan ya ga yadda ake yanka wa bakin tiyo haƙora, a naɗa masa zare, a murɗa shi cikin ɗan'uwansa har ya yi gam. Ya ji kamar an miƙe masa maƙerar gidansu ne an sa mata ruwa a ciki. Ya dawo gida da kile biyu, wato sifanu masu haƙora na murɗa tiyo, da magana ɗaya da ya yi shekara talatin yana maimaitawa a bakin kowace rijiya: "Ƙarhe ba ya cin amana."

Aiki ya koya masa sauran. Ya san tiyon roba mai tauri, mai ruwan toka, wanda ake kira PVC, da ake haɗawa da kol, wato maganin manna roba. Ya san kashi biyu ne: mai kauri da ke jure ƙarfin ruwa, da mai sirara wanda ba a yi shi don komai ba sai fitar da ruwan wanka. Shi ya ja wa ɗakin shan magani na garin ruwa da mai kaurin, cikin bango, inda rana ba ta gani, don ya ga yadda PVC ke zama in an bar shi a fili: ya koɗe, ya bushe, jaki ya taka shi ya fashe kamar sakaina. Ya san baƙar roba mai shuɗin layi, wadda 'yan kasuwa ke kira poli, mai zuwa a naɗe kamar gammon maciji. Ita kol ba ya kama ta, sai da mahaɗi na musamman da ake ɗaurewa da hannu, amma tana tafiya mai nisa ba gaɓa ko ɗaya. Ya binne ta sau da yawa, yana shimfiɗa mata yashi a rami don kada tsakuwar Adar ta yanke ta. Duk wannan yana yi, amma yana yi ne kamar mai auren dangi, ba so ba ƙi. In ya zo kan shato, wato tankin ruwa da ke bisa ƙafafu, nan fuskarsa ke buɗewa. Tiyon da ke hawa da mai saukowa duka galba ne. Rana ta dake shi, iska ta kaɗa shi, bijimi ya zo ya sosa wuya a jikinsa, yana nan tsaye. A wannan kam Mati bai taɓa yin ƙarya ba.

Abokinsa na ƙuruciya shi ne Iliyasu. Tare aka yi musu kaciya, tare suka yi kiwon awaki, shi ne babban abokin ango ranar da Mati ya auri Saude. Iliyasu manomin albasa ne, yana da lambu a kwari, yana da baki mai daɗi, saboda haka da aka kafa komiten ruwa shi aka ba shugabanci. Mati kuma aka ba shi mabuɗin foraji, rijiyar burtsatse ɗaya tilo da garin ke sha. Ita ce kuma ke cika kwamin da Abdulhakim da danginsa, makiyayan da ke zaune a zangon gabas, suke shayar da shanu in rani ya yi nisa. Mabuɗin nan Mati a wuya yake rataye shi, cikin riga. Ba albashin kirki a kai. Amma in ya wuce da safe mata kan ce, "Sannu mai ruwa," wannan kuwa ya ishe shi.

Akwai abin da Mati ya sani game da forajin nan wanda bai taɓa gaya wa kowa ba. Shekarun da ake buga ruwa da famfon hannu, tiyon da ke cikin ramin galba ne. Duk sa'ad da ya ciro su don gyara sai ya tarar ruwan ya ci su. Daga wajen haƙoran yake farawa, inda yanka ya kankare tutiya, ya bi jiki da ƙuraje ja, har yatsa ya iya hudawa. Bangon ramin kuwa, wanda masu haƙa suka jera da shuɗin PVC mai kauri, ko gezau. Ruwan farko na safe yakan fito ja. Farar riga ta koma ruwan goro, shayi ya yi baƙi a buta. In mata suka yi ƙorafi sai Mati ya ce jar ƙasar tudu ce. Ya canja tiyon, ya kwashe ruɓaɓɓun ya tura su bayan maƙera ƙarƙashin karan dawa. Ba kowane ruwa ke yin haka ba. Ya ga foraji a wajen Bouza inda galba ya shekara ashirin lafiya. Amma na Tudun Ɗangana ruwa ne mai ɗan tsami, mai yunwar ƙarfe.

Sai 'yan garin da ke cin rani a Abijan suka haɗa hannu suka aiko da inji mai nutsewa cikin ruwa, da farantan hasken rana, da igiya, da babban naɗi na baƙar roba mai kauri da za a rataye injin da ita. Ranar da aka sauke kayan dattawa suka kewaye naɗin suna taɓawa da sanda. Baba Jima, ƙanen mahaifin Mati kuma sarkin maƙeran garin, ya tofar da yawu.

"Wagga igiyar shanya za a rataya ma inji? Abin da wuƙar yankan kubewa ka yankewa?"

Aka yi dariya, aka juyo ana kallon Mati. Ya sunkuya yana gyara takalmi.

Da la'asar ya gangara kwari ya sami Iliyasu yana ban ruwa da ƙwarya, ya jiƙe har cinya.

"A'a, maƙeri. Wuta ta mutu ne ka zo neman ruwa?"

"Na zo in ga ko albasa ta hwara yi maka magana, tunda da ita kake kwana."

Suka zauna gindin wata bagaruwa. Mati ya daɗe yana tsinke ciyawa kafin ya buɗe baki. Ya gaya masa komai: jan ruwan, haƙoran da ke ruɓewa, tulin da ke bayan maƙera.

"Robar nan da yara sunka aiko, ita ta dace da ramin. Tsatsa ba ta san ta ba. Guda ɗaya take tun daga inji har baki, ba gaɓar da za ta ruɓe. A ɗaura igiyar a kunnen inji don tsaro. Daga bakin rami zuwa shato, nan a sa galba, wurinshi ne. Amma ƙasa, a'a."

Iliyasu ya dube shi, ya kama baki. "Yau ga abin da ban taɓa ji ba. Mati shina tsegumin ƙarhe."

"Shi ya sa na zo wurinka. Ni ba ni iya hwaɗi gaban Baba Jima. Kai ka hwaɗa a komite, ka ce shawararka ce. In an tambaye ni sai in ce ban ƙi ba."

"Wanga kaɗai? Kwantar da ranka. Bakina naka ne tun muna kiwon awaki."

Washegari saƙo ya zo daga Bangi cewa 'yarsu Rahila tana fama da naƙuda mai wuya. Mati da Saude suka hau mota. Allah ya sauke ta lafiya, amma jiki ya daɗe bai dawo ba, suka zauna har bayan suna. Masu kafa injin kuma, da aka ce sai wata mai zuwa, suka iso yana can.

Da ya dawo, tun daga bakin gari ya ji ƙarar ruwa na zuba cikin shato ba mai bugawa. Mata na guɗa. Baba Jima ya tare shi a ƙofar maƙera, ya kama hannunsa da hannu biyu, abin da bai taɓa yi ba.

"Ɗana, ka hisshe mu kunya. Iliyasu ya kawo saƙonka gaban kowa. Ya ce ka ce in ba ƙarhe ba, kada a taɓa maka rijiya. Sai anka ɗauko galban da ke ajiye a ɗakin komite anka jona. Yaran birnin nan sun so su yi gardama, munka ce mai mabuɗi ya riga ya yanke."

"Igiyar hwa, Baba? An ɗaura?"

"Igiyar mi? Ƙarhe shina neman igiya?"

Mati ya ce, "Haka ne, Baba."

Bai shiga gida ba, ya wuce kwari. Tun daga nesa ya hango ta. Baƙar robar tana kwance tsakanin fangalin albasa, shuɗin layinta na sheƙi, ta taso daga rijiyar lambu ta bi har ƙarshen gona, ɗan injin fetur na tura mata ruwa. Iliyasu ba ƙwarya a hannunsa, wandonsa a bushe.

"Kada ka dube ni haka, maƙeri. Zauna in gaya maka."

"Ina ji a tsaye."

"Na buɗe baki zan hwaɗi maganarka, sai Baba Jima ya kahe ni da ido. Ka san shi. Harshena ya juya. Da anka gama kuma robar ta yi saura, komite ta ce in adana ta kada ɓera ya ci. Aro ne. Albasar bana kaɗai. Da na cire, mu ciro galban da kai, mu sa ta, ba wanda zai ce uffan. Ko kana zaton ni zan cuce ka?"

Mati ya dubi fuskar da ya sani tun ba ta da gemu. Ya yarda, don bai san yadda ake ƙin yarda da ita ba.

Albasa ta nuna, aka cire, aka kai Madawa. Iliyasu ya ce a bari damina ta wuce, mutane na gona, ba hannun ciro inji. Damina ta wuce, ya ce ya riga ya zuba iri, a bari wannan karon kawai. Mati yakan gangara kwari ya dawo da alkawari sabo a madadin tsoho. Saude ce kaɗai ta lura barcinsa ya ragu, kuma ita ce ta matsa har ya gaya mata.

"To ka tahi ka hwaɗa ma mai gari mana, baban Rahila."

"In ce mi? In ce abokina ya yi ƙarya da sunana? In ce ƙarhen gidanmu ruɓewa yake?"

"Ka ce gaskiya."

"Ya ce bayan kaka."

"Kaka nawa ke ga shekara?" Ta ɗauki turminta ta koma gefe.

A shekara ta biyu ruwan safe ya fara yin ja. A ta uku shato da kan cika kafin azahar ya koma sai la'asar, don ruwan na tsiyaya ta hujojin tiyo yana komawa inda ya fito. In Mati ya kara kunne a bakin ramin yakan ji shi yana zuba can ƙasa, siriri, kamar mai kuka a ɗaki don kada a ji. Shi kaɗai ba zai iya ciro inji da tiyo masu nauyin jaki uku ba, kuma ba a kiran gayya sai da izinin shugaban komite. Ya roƙi Iliyasu. Iliyasu ya ce farashin albasa ya faɗi, ransa a ɓace yake, a yi maganar wani mako.

Tsakiyar bazara, lokacin da tabkuna sun zama fasasshiyar laka, ana tsaye a layi da hantsi, sai aka ji wani ƙugi daga cikin ƙasa. Tiyon bakin ramin ya yi girgiza ya tsaya. Gaɓa ɗaya ta ruɓe ta rabu, inji da sauran tiyon suka tsinke wayar lantarki suka tafi ƙasa.

Garin ya koma tonon yashi a gulbin da ya ƙafe. Mata na fita tun sanyin safiya su dawo da rabin tulu mai laka. Shanun Abdulhakim suka kewaye busasshen kwami suna lasar siminti. Maruƙa biyu suka kwanta ba su tashi ba.

Mai gari ya tara jama'a a ƙofar gidansa. Aka zauna, maƙera a gefensu, makiyaya a nasu. Abdulhakim ya fara magana, a hankali, sandarsa a kan gwiwa.

"Mu ba mu zo neman rigima ba. Ɗana ya tambayo masu haƙa a Keita. Sun ce ruwan tudun ga ba a sa mishi galba, kuma an aiko muku da robar da ta dace. Muna so mu ji wa ya ce a bar ta."

Mai gari ya juya ga shugaban komite. Iliyasu ya gyara zama. Mati yana kallonsa, zuciyarsa a kwance, don ya tabbata yau kam abokinsa zai sauke kayan. Wuri ya yi wuri, ba sauran kaka da za a jira.

"Ranka shi daɗe, mu manoma ne," in ji Iliyasu. "Mi munka sani ga tiyo? Mai sana'a ya ce ƙarhe, munka bi. Ba na ce ya yi da gangan ba. Kowa na kuskure."

Bai dubi inda Mati yake ba. Ya faɗe ta da murya mai taushi, irin ta mai neman wa aboki sassauci, har wasu suka gyaɗa kai suna yaba masa.

Mati ya miƙe.

"Ranka shi daɗe, ban ce ba. Abin da na gaya ma Iliyasu shi ne a sa roba. Ruwan ramin ga shina cin ƙarhe, ya daɗe shina ci. Jan da kuke gani ba ƙasa ba ce, tsatsa ce. Galba na shato ne da bakin famfo da wurin shanu. Cikin rami ruɓewa yake. Wanda bai yarda ba shi tahi bayan maƙera shi ɗaga karan dawa."

Baba Jima ya jawo rawaninsa ya rufe baki, ya juya wa ɗan wansa ƙeya. Sauran maƙera suka sunkuyar da kai kamar an yi musu mutuwa.

Mai gari ya ce, "Iliyasu, ka ji."

"Na ji, ranka shi daɗe, kuma raina ya ɓaci. Amma a tambaye shi, gaban wa ya gaya mini?"

Gaban bagaruwa ne, bagaruwa kuwa ba ta zuwa shaida.

"Jama'a," Iliyasu ya ci gaba, ya buɗe tafin hannu, "wa ke nan da bai taɓa jin Mati ya ce ƙarhe ba ya cin amana ba? Shekara talatin. Yau da inji ya hwaɗi ne za ya zama masoyin roba? In ya san haka tun da can, mi ya hana shi hwaɗi shekara uku?"

Wani daga baya ya ce, "Ashe ma ya san ruɓewa yake, ya bar mu muna shan tsatsa." Maganar ta bi taron kamar wuta a kara. Tulin da Mati ya nuna don ya wanke shi, shi ya zama shaida a kansa. Robar da ke lambu kuwa ba wanda ya ɗauke ta laifi, don kowa ya san komite ce ta ba da ajiya bayan mai mabuɗi ya ƙi ta.

Mai gari ya miƙa hannu. Mati ya zura hannu cikin riga, ya cire igiyar daga wuya, ya ajiye mabuɗin a tabarma. Inda igiyar ta shekara tana kwance fatar ta fi sauran haske.

Ba wanda ya sa shi abin da ya yi bayan haka. Ya shiga maƙera, Baba Jima ya tashi ya fita. Mati ya hura wuta da kansa. Maƙeran Adar sun daɗe suna ƙera ƙugiya ta ciro wasaki, wato gugan fata, in ya faɗa rijiya, sai ya ƙera wata siririya da za ta shiga ramin foraji, mai harsuna masu lanƙwasa da za su zura cikin bakin karyayyen tiyo su cije. Abdulhakim ya kawo igiyoyi da mazan zangonsu da bijimai biyu. Suka yi kwanaki suna zurawa suna cirowa ba komai. Ran da ta kama, suka ja a hankali, Mati na kwance gaɓa bayan gaɓa, har injin ya fito da laka a jikinsa. Tiyon da suka jera a ƙasa ja ne, a huje kamar itacen da gara ta ci. Mutane suka zo suka gani. Wata tsohuwa ta ce, "Ga aikin Mati." Ba a gane ko ƙugiyar take nufi ko tsatsar ba, shi ma bai tambaya ba.

'Yan Abijan suka sake aiko da sabon naɗi, don na lambu an riga an yanka shi gida-gida, an huda shi wurin ban ruwa. Aka gyara injin a Tawa, aka rataye shi da baƙar roba, aka ɗaura igiya a kunnensa. Ruwa ya fito fari, shayi ya dawo da launinsa. Iliyasu ne ya yi jawabin godiya. Mabuɗi kuma aka ba surukin Iliyasun. Dangin Abdulhakim ba su ga wannan rana ba, sun riga sun kora abin da ya rage na shanunsu kudu, sai tsofaffi da 'yan awaki suka bari a zango.

Baba Jima ya rasu bayan damina biyu bai sake kiran Mati ɗana ba. Mati yanzu a Keita yake yini. Masu dawowa daga ci-rani na gina gidaje masu makewayi a ciki, shi yake ja musu ruwa da PVC cikin bango. Hannun da ya saba da ƙanshin gawayi yanzu kol yake wari. Aikinsa ba ya yoyo. In mai gida ya tambaye shi wane tiyo ya fi, sai ya ce, "A ina za a sa shi? Wane ruwa za ya bi ciki?" Daga nan ba ya ƙarawa. Maganar nan tasa ta shekara talatin ba a sake jin ta a bakinsa ba, amma sunan bai sake shi ba, sai dai yanzu in an ce Mati Galba akwai masu ɗan murmushi.

Na taɓa tambayarsa ko yana jin haushin ƙarfe. Ya ce a'a. Ya ce ƙarfe bai ɓoye masa komai ba, duk safiya yana aiko masa da jan ruwa yana gaya masa halin da yake ciki. Ya ɗaga kai ya dubi shato, inda galban da ya murɗa da hannunsa ke tsaye har yau cikin rana, ba ɗigo ko ɗaya.

Shi da Iliyasu masallaci ɗaya suke salla. Suna gaisawa, don gari ƙarami ne. Lafiya lau, ya gida, ya aiki. Sunayen da suke tsokanar juna da su, "maƙeri" da "mai albasa", sun mutu tun ranar taro.

Bara albasa ta yi kyau, ta yi kuɗi. Wata ranar Juma'a aka sauke buhu cikakke a ƙofar gidan Mati, manya-manya, masu jan baya, aka ce daga Iliyasu, a sa a miya. Saude ta tsaya a kansa hannu a ƙugu.

"In mayar mishi, ko in zuba ma awaki?"

Mati ya ɗauki guda ɗaya ya juya ta a hannu. Mai nauyi ce, ta sha ruwa ta ƙoshi.

"Ba tamu ba ce," ya ce. "Ba tashi ba ce kuma."

Ya ɗora buhun a jaki ya kora shi zangon gabas, ya sauke wa tsofaffin da Abdulhakim ya bari. Suka yi ta godiya suna tambayar albarkacin me. Ya ce saƙo ne da ya yi ɓatan hanya. A dawowa hanyar kwari ta fi kusa, ga inuwa, ga bagaruwar tana nan. Ya ja akalar jakin ya bi ta kan duwatsu.